Kiran Zaman Daraktoci, Rarraba Takardu, da Yadda Ake Yi da Ƙuri'ar Wanda Bai Zo Ba

Wannan jagora ta sakataren kamfani ce, ko duk wanda aikin kiran zama ya faɗo a kansa, a kamfanin da aka yi wa rajista a Najeriya ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA. Ƙungiyoyin gama-kai da gidauniyoyi masu amintattu suna da nasu tsarin, amma mafi yawan abin da za a faɗa game da lissafin kwanaki da shirya takardu zai yi musu amfani.

Kafin ka taɓa kalanda, ɗauko kundin ƙa'idojin kamfanin, wanda aka miƙa wa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, lokacin rajista. Kusan duk abin da dokar ta faɗa kan zaman daraktoci tana ɗaure shi da sharaɗi guda: sai dai idan kundin kamfani ya faɗi wani abu daban. Saboda haka abin da ke aiki a kamfanin maƙwabcinka ba lallai ne ya yi aiki a naka ba. Abu biyar za ka nema a ciki, ka rubuta su a takarda guda ka liƙa a bangon fayil: kwana nawa ne wa'adin sanarwa, mutum nawa ne ke cika adadin da zama ke inganta da shi, ko an yarda a shiga zama ta waya, ko darakta zai iya naɗa wani a madadinsa, da kuma matsayin daraktan da ke da wata maslaha ta kansa a cikin batun da za a tattauna. Inda kundin ya yi shiru kan kwanaki ko adadi, dokar ce ke cike gurbin. Inda ya yi shiru kan madadi kuwa, babu madadi ke nan. Za mu zo wurin.

Tsayar da rana

Sabon kamfani dole daraktocinsa su yi zamansu na farko kafin ya wuce wata 6 da rajista. Sashe na 289 ne ya ce haka. Bayan wannan dokar ba ta ƙayyade sau nawa za a zauna ba, amma ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ta nemi a zauna aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku. An yi ta ne musamman don kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a da waɗanda hukumomi ke sa wa ido, amma ƙaramin kamfani ma ba zai yi asara ba in ya bi ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da ranakun shekara gaba ɗaya a zaman ƙarshe na shekarar da ke ƙarewa, kowa yana zaune, kowa ya duba nasa littafin. Ana fara lissafi ne daga abin da ba ya gusawa. Idan shekarar kuɗin kamfani tana ƙarewa a 31 ga Disamba, hukumar haraji tana jiran bayanan kamfani cikin wata 6, wato zuwa ƙarshen Yuni, kuma ba za a miƙa su ba sai daraktoci sun amince da rahoton kuɗin da masu bincike suka duba. Babban taron masu hannun jari shi ma yana buƙatar sanarwar kwana 21. To zaman da zai amince da rahoton kuɗi dole ya zo da wuri yadda duk waɗannan za su samu wuri a bayansa.

Sai abin da ke gusawa. Azumi da Sallah biyu da aikin Hajji suna matsowa gaba da kimanin kwana 11 duk shekara, kuma ranar Sallah ba ta tabbata sai an ga wata, hutun gwamnati ma sai ana saura 'yan kwanaki ake sanar da shi. Ka bar tazarar mako guda gaba da baya. Goman ƙarshe na azumi lokacin Umara ne, zai yi wuya ka tara mutane. Juma'a kuwa rabin yini ce. Zaman da aka fara da ƙarfe goma zai watse kafin a kai ga batun da ya fi nauyi.

Zaman gaggawa ba sai shugaba ya yarda ba. Kowane darakta yana da ikon kiran zama, kuma idan ya nemi sakatare ya kira, dole sakatare ya kira. Sakatarorin da ke cewa "bari in ji ta bakin Ciyaman tukuna" suna yin ladabi ne, ladabin kuma yana da kyau, amma ƙin shugaba ba ya soke wannan iko.

Sanarwa da lissafin kwanakinta

Sashe na 292 gajere ne, amma yana iya kayar da kamfani a kotu. Kowane darakta yana da haƙƙin a sanar da shi. Sanarwar ta zama a rubuce, kwana 14 kafin zama, sai in kundi ya rage ko ya ƙara. Rashin ba da ita yana rushe zaman ɗungurungum, da duk abin da aka yanke a cikinsa.

Shari'ar Bernard Longe da bankin First Bank ta nuna iyakar wannan magana. A 2002 hukumar daraktocin bankin ta dakatar da shi daga muƙamin manajan darakta, sannan ta sake zama ta sallame shi ba tare da an aika masa da sanarwar zaman ba. Hujjar bankin ita ce mutumin da aka dakatar ba shi da abin yi a wurin. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce dakatarwa ba ta cire shi daga darakta ba, don haka haƙƙinsa na sanarwa yana nan, zaman kuma bai inganta ba. Darasin ga sakatare a fili yake. Wanda ake rigima da shi, wanda aka san zai ƙi amincewa, wanda ya shekara bai leƙo ba, wanda batun ma a kansa za a yi, duk sai an aika musu muddin sunansu yana cikin rajistar daraktoci. Ko da an tabbata ƙuri'arsa ba za ta sauya sakamako ba, hakan ba hujja ba ce, domin haƙƙinsa ba ƙuri'a kaɗai ba ne, har da damar ya yi magana ya juya ra'ayin sauran.

Wurin ƙirga kwanaki, kada ka sa ranar aikawa, kada ka sa ranar zama. A ce zaman zai kasance Alhamis 24 ga wata. Cikakkun kwana 14 su ne daga 10 zuwa 23, don haka sanarwa ta isa hannun kowa ranar Laraba 9 ga wata ko kafin nan. Lura da cewa isa aka ce, ba fita daga ofis ba. Idan masinja ya karɓi ambulan da yammacin Laraba ya kai Alhamis da safe, ka rasa kwana guda, kuma wanda ke neman hujjar rushe zama ba ya buƙatar fiye da wannan. Mafi aminci ka aika Litinin 7 ga wata.

Abin da sanarwa za ta ƙunsa bai da yawa: sunan kamfani, rana, lokaci, wuri, yadda za a shiga ta waya in an tanadi hakan, jerin batutuwa, da sa hannun sakatare. Jerin batutuwan shi ake yi wa riƙon sakainar kashi. Idan za a nemi amincewa da rance, a rubuta haka ƙarara, da sunan abin da za a jinginar. Darakta yana duba ajanda ne ya yanke ko zai fasa tafiyarsa ya zo. Wanda ya ga "rahoton manaja" da "sauran batutuwa" kawai ya yi tafiyarsa, ya dawo ya tarar an jinginar da sito, yana da abin faɗa. Ƙarƙashin "sauran batutuwa" a yi sanarwa da tambaya, kada a yanke hukunci mai nauyi.

Ajiye shaidar isarwa. In da hannu aka kai, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a littafin masinja. In ta imel ne, a aika wa adireshin da daraktan ya bayar da kansa a rubuce, a nemi ya amsa cewa ya gani. Saƙon WhatsApp yana da kyau wajen tunatarwa, amma kada ya zama shi kaɗai ne sanarwar, sai fa idan kundinku ya ambace shi. Kiran waya kuwa ba rubutu ba ne sam.

Akwai sassauci guda. Dokar ta ce ba dole ba ne a sanar da daraktan da ba ya cikin Najeriya a lokacin, amma idan ya bar adireshi a cikin ƙasa, a aika can. Wannan ya dace da zamanin da wasiƙa ke yin makonni a hanya. A yau da imel ke isa Jidda cikin daƙiƙa, sakataren da ya fake da wannan sassauci don ya tsallake wani darakta yana saye wa kamfani rigima ne. A aika masa kawai.

To in abu ya taso da ba zai jira kwana 14 ba fa? Duba ko kundi ya tanadi gajeren wa'adi. In bai tanada ba, abin da aka saba yi shi ne kowane darakta, har da wanda ba zai halarta ba, ya sa hannu a takardar cewa ya yarda da gajeriyar sanarwa, a ajiye takardun tare da bayanin zaman. Mutum ɗaya ya ƙi, a koma kan kwana 14.

Takardun zama

Dokar ba ta sa wa takardu wa'adi ba. Sanarwa kawai ta ambata. Abin da kamfanoni masu tsari suka saba shi ne kwana 7, don a samu ƙarshen mako guda a ciki, lokacin da yawancin daraktoci ke samun sukunin karatu. A misalinmu, takardu su fita Alhamis 17 ga wata. Wannan yana nufin manajoji su miƙo nasu ga sakatare Litinin 14, a bar kwana uku na dubawa, mayar wa mai shi ya gyara, da haɗawa. Ajanda kuma sakatare da shugaba da manajan darakta su gama daidaita ta tun Juma'a 4 ga wata, tun da da ita sanarwa za ta fita.

Kowace takarda da ke neman hukunci ta fara da shafi guda mai amsa tambaya huɗu: me ake so daraktoci su yanke, nawa zai ci, mene ne haɗarinsa, wane zaɓi aka duba aka bari kuma don me. A ƙasan shafin a rubuta lafazin ƙudurin da ake so a zartar, kalma da kalma. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin duk wani tsari da za a yi wa wanda ba zai zo ba. Mutumin da ke Makka ko gadon asibiti ba zai iya faɗin ra'ayinsa kan "batun rance" ba, amma zai iya faɗi kan jimla irin wannan: an amince kamfani ya karɓi rancen naira miliyan 300 na wata 12 don sayen shanshera, a jinginar da sito na biyu, kuma an ba manajan darakta da daraktan kuɗi izinin sa hannu. Banki ma irin wannan lafazin zai nema a kwafin ƙudurin da sakatare zai tabbatar masa.

A saman kowace takarda a nuna ko ta hukunci ce, ko ta tattaunawa, ko ta sani kawai. A jera na hukunci a farkon ajanda, bayan amincewa da bayanin zaman baya, lokacin da kowa yana nan kuma hankali bai gaji ba. A sa wa dukan kundin takardun zaman lambar shafi a jere daga farko har ƙarshe, ba kowace takarda da tata ba. Ƙaramin abu ne, amma idan mutum biyu suna kan waya, "a buɗe shafi na 42" ya fi "a duba rahoton kuɗi, wajen tsakiya, teburin da ke ƙasa" sau goma.

Kowa ya samu abu iri ɗaya a lokaci ɗaya. Bai dace shugaba ya samu cikakken kundi wasu su samu taƙaitacce ba. Idan aka gano kuskure bayan an rarraba, kada a sauya fayil a ɓoye. A aika gyararren shafin shi kaɗai, da kwanan wata a kansa, da layi guda da ke cewa adadin da ke shafi kaza ya koma kaza. In ba haka ba, a tsakiyar zama za a tarar wani yana karanta miliyan 300 wani yana karanta 330, kuma rabin sa'a zai tafi wajen gano wanda ke riƙe da tsohon kwafi.

Takardar da ta makara ita ce ciwon kan kowane sakatare. Manaja zai shigo da safiyar zama da shafi ashirin masu ɗumin injin bugawa. Shawarar da ta fi ita ce shugaba ya kafa doka tun farko: abin da bai shiga kundin takardun zama ba ana iya jin sa, amma ba a yanke hukunci a kansa sai zama na gaba. Dalilin ya wuce son tsari. Waɗanda ke ɗakin za su iya leƙa takardar, wanda ke kan waya ko wanda ya aiko da ra'ayinsa a rubuce bai gan ta ba.

Fayil ɗin da za a tura a kulle shi da kalmar sirri, a aika kalmar ta wata hanya daban. Takardar da ta shafi kwangilar da wani darakta ke da hannu a ciki kuwa, a cire ta daga nasa kundin in tana ɗauke da farashin abokan takararsa, a kuma gaya masa an cire da dalilin cirewar.

Wanda ba zai zo ba

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma tushensa haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Mai hannun jari yana da ikon tura wakili babban taro ya jefa ƙuri'a a madadinsa. Sashe na 254 ya ba shi wannan, don ƙuri'arsa dukiyarsa ce. Darakta ba haka yake ba. Kujerarsa amana ce da aka ɗora wa shi kansa saboda hankalinsa da saninsa, kuma sashe na 305 ya hana shi ɗaure ra'ayinsa tun kafin lokaci cewa ga yadda zai jefa ƙuri'a. Kamar alƙali ne: ba ya aiko ɗansa ya zauna masa a shari'a, ba ya kuma aiko hukunci kafin a saurari ƙara. Saboda haka fom ɗin wakilci da ake amfani da shi a babban taro ba shi da aiki a zaman daraktoci, "na bar wa Alhaji ƙuri'ata" ma ba ta da aiki. Kowane darakta ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa.

Hanyoyin da suka rage uku ne.

Ta farko, ya halarta daga nesa, ta waya ko ta bidiyo. Dokar ta bar wa daraktoci su tsara zamansu yadda suka ga ya dace, kuma kundaye da yawa na yanzu sun ambaci wannan a fili. Idan naku tsoho ne bai ambata ba, a gyara shi ta ƙudurin masu hannun jari, kada a jira ranar da wani zai yi jayayya. Sharaɗin shi ne kowa ya ji kowa a lokaci guda. Shugaba ya kira mutum a gefe ya dawo ya ce "ya ce ya yarda" ba halarta ba ce. A farkon zama a kira suna, wanda ke kan layi ya amsa, ya tabbatar kundin takardun zaman yana gabansa kuma babu wani a kusa da ke saurare. Lokacin ƙuri'a a bi suna ɗaya bayan ɗaya, domin ɗaga hannu ba ya jiyuwa a waya, shiru kuma yana iya zama yarda, yana iya zama layi ne ya yanke. In ya yanke, sakatare ya rubuta lokacin da ya fita da lokacin da ya dawo.

Ta biyu, daraktan madadi. Wannan sai kundi ya ba da dama, kuma a bi matakan da ya shimfiɗa: yawanci takardar naɗi da sa hannun mai kujerar, a miƙa wa sakatare kafin zama, kuma in wanda aka naɗa ba darakta ba ne, sau da yawa sai sauran sun amince da shi. Madadi ba ɗan aike ba ne. Da ya zauna, nauyin darakta ya hau kansa, zai karanta takardu ya yi hukunci da nasa hankalin, yana ma iya saɓa wa wanda ya naɗa shi. Idan wani daraktan ne aka naɗa madadi, duba ko kundi ya ba shi ƙuri'a biyu, da kuma ko za a ƙirga shi mutum ɗaya ko biyu wajen cika adadi. Kundaye sun sha bamban a kan wannan.

Ta uku, rubutaccen ƙuduri ba tare da zama ba. Sashe na 289 ya ce ƙudurin da duk daraktocin da ke da haƙƙin sanarwa suka sa wa hannu daidai yake da wanda aka zartar a zama. Kalmar "duk" ita ce komai a nan. A zama rinjaye ya isa. A takarda, shida cikin bakwai bai isa ba. Hikimar ita ce tun da an rasa muhawara, sai a biya da amincewar kowa. Ana tura lafazi ɗaya tak ga kowa tare da takardun da suka shafe shi, kowa ya sa hannu da kwanan wata, kuma ƙudurin yana fara aiki ranar da na ƙarshe ya sa nasa. In wani ya gyara kalma da biro kafin ya sa hannu, abin da ya amince da shi ya bambanta da na sauran, sai a sake zagaye. Wannan hanya ta dace da abin da babu saɓani a kansa, kamar sauya masu sa hannu a asusun banki. Ba ta dace da tura batu mai zafi ta bayan fage ba. A zama na gaba a ambaci ƙudurin a shigar da shi kundin bayanai.

Wasiƙar ra'ayi ba ta cikin ukun nan, amma tana da amfani. Wanda ba zai zo ba yana iya rubuto abin da yake gani, shugaba ya sa a karanta, a rubuta cewa an karanta. Tana iya juya zukata. Ba a ƙirga ta a ƙuri'a, ba a ƙirga mai ita a adadi.

Yadda abin ke kasancewa a zama guda

A ɗauki kamfanin casar shinkafa mai daraktoci 7, kundinsa ya yarda da shiga ta waya, bai ce komai kan madadi ba, ya kuma hana mai maslaha jefa ƙuri'a ko shiga lissafin adadi a batun da ya shafe shi. Kan adadi ya yi shiru, don haka sashe na 290 ne zai yi aiki: in daraktoci ba su wuce 6 ba, mutum 2, in sun wuce, kashi ɗaya cikin uku, a kai shi lamba mafi kusa. Bakwai a raba uku ya ba da biyu da ɗan ɗori, adadi 2 ke nan. Da su 8 ne, da ya zama 3. (Mutum biyu su ɗaure kamfani mai daraktoci bakwai abu ne da ya kamata masu kamfani su duba, su ɗaga adadin a kundinsu.)

Tun ranar 17 sakatare ya bi kowa ya ji wanda zai zo. Ɗaya daga cikin daraktocin, Hajiya, tana Makka, za ta shiga ta waya. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, ƙarfe goma a Kano sha biyun rana ne a can, dab da Azahar, kuma ba za ta bar sallar Harami don zama ba. Da an lura tun kafin sanarwa ta fita, da an sa ƙarfe takwas da rabi. Yanzu sai dai a ja batutuwan hukunci su zo farko. Wani darakta yana asibiti, ya aiko wasiƙar goyon bayan duk abin da ke ajanda. Na uku ya turo babban ɗansa da takarda. Sakatare ya tare shi a waje cikin mutunci: "Ranka ya daɗe, a gaida Baba, a ce mun ga takardarsa kuma za a karanta. Amma ƙa'idar kamfani ba ta ba mu damar zaunar da kai ba." Gara a yi wannan magana ta waya kwana biyu kafin nan, da a yi ta a bakin ƙofa.

A ɗaki akwai shugaba, manajan darakta, daraktan kuɗi, da darakta na huɗu. Hajiya a layi. Masu ƙuri'a biyar. Da shugaba ya makara fiye da minti 5, dokar ta ba waɗanda ke nan damar zaɓar ɗayansu ya ja zaman.

Batun rance ya wuce da uku da biyu. Rinjaye ana lissafa shi ne cikin ƙuri'un da aka jefa, ba cikin bakwai ba. Wanda ya ƙaurace ba ya cikin masu e, ba ya cikin masu a'a.

Batu na biyu kwangilar dakon shanshera ce, kuma darakta na huɗu yana da hannun jari a kamfanin motocin. Sashe na 303 ya wajabta masa bayyana wannan ga sauran daraktoci, kuma ya riga ya yi a rubuce. Ya fita, sakatare ya rubuta lokacin, ya sake ƙirga adadi: saura huɗu, zama yana nan. Ana sake wannan ƙirga a kowane batu, ba a farkon zama kaɗai ba. Ƙuri'a ta tashi biyu da biyu: shugaba da manajan darakta sun yarda, daraktan kuɗi da Hajiya sun ƙi. Nan manajan darakta zai ɗaga wasiƙar asibiti ya ce ai ga ta uku. Sakatare ya ce ba ta shiga lissafi. Abin da ya rage shi ne ƙuri'ar raba gardama, wadda dokar ta ba shugaba bayan tasa ta farko in an yi kunnen doki, sai in kundi ya cire ta. Yana da ikon amfani da ita. Amma kwangilar ɗan cikin gida ce, mutum biyu ba sa nan, kuma daraktan kuɗi da kansa ya ƙi. Shugaba mai hangen nesa zai ɗage batun zuwa zaman da za a cika, ko ya sa a nemo farashin wasu kamfanonin tukuna.

Da layin Hajiya ya yanke ana tsakiyar muhawara, adadi bai karye ba, kuma ƙuri'a za ta tashi biyu da ɗaya, kwangila ta wuce. Ta fuskar lissafi babu laifi. Ta fuskar gaskiya, rashin sabis ne ya yanke hukuncin. A dakata, a sake kira, a gwada lamba ta biyu da aka karɓa tun kafin zama, in ta dawo a maimaita mata abin da ya wuce kafin a jefa ƙuri'a.

Bayanin zaman ya nuna waɗanda ke ɗaki, wadda ke kan waya, waɗanda suka ba da uzuri, cewa an karanta wasiƙu biyu ba a ƙirga su ba, lokacin fita da dawowar mai maslaha, lafazin kowane ƙuduri da adadin ƙuri'unsa, da sunan duk wanda ya nemi a rubuta ƙin amincewarsa. Sakatare ya kammala daftarin cikin mako guda, shugaba ya duba, a tura wa duka bakwai ɗin har da waɗanda ba su zo ba. A zama na gaba a amince da shi, shugaba ya sa hannu, a shigar da shi kundin bayanai da sashe na 266 ya wajabta wa kamfani ajiyewa. Rajistar halarta ma a cike ta a ranar, domin duk daraktan da zai nemi a sake zaɓensa, ana gabatar wa masu hannun jari lissafin zaman da ya halarta a shekarar da ta gabata.